Suna Linzami: Yadda Ake Gina Taƙaitaccen Suna Mai Ma'ana da Hausa

A shekarar 2012 aka ƙaddamar da manyan shirye-shirye uku na yaƙi da ƙarancin abinci a jihohin Maraɗi da Damagaram, duka da kuɗin hukumar agaji ta Amurka. Manufarsu kusan ɗaya ce, al'ummar da suka nufa ma Hausawa ne galibi, amma kowanne ya bi tasa hanyar wajen raɗin suna. Na ƙungiyar Mercy Corps an kira shi Sawki, wato kalmar sauƙi kai tsaye. Na Save the Children an kira shi LAHIA, haruffa biyar da aka tsamo daga jimlar Ingilishi. Na CRS, wanda ya yi aiki a gundumar Mayahi da ta Kance, an kira shi PASAM-TAI, rabi daga Faransanci, rabi daga Hausa. Ga ɗalibin kimiyyar harshe, waɗannan sunaye uku darasi ne da ya zo har gida. Abin da suke koyarwa shi ne: taƙaitaccen suna ba ya rayuwa sai bakin masu shi ya karɓe shi, kuma Hausa tana da hanyarta ta gina irin wannan suna, wadda ba ta Faransanci ba ce. Hanyar ita ce a yi gini da gaɓa a bar harafi.

Kafin a kai ga hujja, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake cuɗawa wuri guda. Akwai taƙaitaccen sunan da ake harrafawa, ana kiran haruffansa ɗaya bayan ɗaya, kamar OPVN ko PNDS. Akwai wanda ake furtawa kamar kalma amma ba ya nufin kome a wani harshe, kamar NIGELEC ko INRAN. Akwai kuma na uku, wanda ake furtawa kuma ya faɗa daidai kan kalmar da mutane suka riga suka sani, kamar LAHIA. Na farko yana buƙatar mai magana ya san sunayen haruffan boko da Faransanci. Na biyu yana buƙatar kunne kawai. Na uku shi ne mafi riba, domin yana zuwa da ma'anarsa a goye, kuma shi ne mafi haɗari, domin ma'anar da ya goyo ba lalle ta zama wadda aka so ba.

Mizanin da ake gane cewa suna ya shiga harshe ba boyayye ba ne: sai a duba ko nahawun harshen ya fara aiki a kansa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta zama Nefu a bakin jama'a, saboda Hausa ba ta rarrabe sautin p da na f. Ta samu jinsin mace, aka ce Nefu ta yi taro, aka kuma samu ɗan Nefu da ƴan Nefu. Haka kamfanin lantarki na Nijar ya zama Nijelek. Sunan da aka harrafa kuwa da wuya ya kai wannan matsayi, kuma ƴan siyasar Nijar sun daɗe da gane haka. Shi ya sa kusan kowace jam'iyya ta rataya wa haruffanta wutsiya: MNSD-Nassara, PNDS-Tarayya, CDS-Rahama, ANDP-Zaman Lahiya, RSD-Gaskiya. Haruffan na takarda ne, wutsiyar ta kasuwa da dandali. A ƙauye ƴan Tarayya da ƴan Rahama ake ji. Wannan suna mai hawa biyu shaida ce cewa haruffan sun kasa ɗaukar kayan da aka aza musu, har sai da aka nemo musu jaki.

PASAM-TAI ya nemi ya bi wannan tsari, sai dai ya taƙaita wutsiyar ita ma. PASAM daga Faransanci yake, TAI kuwa haruffan farko ne na Tanadin Abincin Iyali. Cikakken sunan Hausar kyakkyawa ne, kowace uwar gida a Mayahi za ta fahimce shi da ji ɗaya. Da aka matse shi ya koma TAI, ma'anar ta zube, abin da ya rage a kunne sai wani sauti mai kama da tayi, wanda ba shi da alaƙa da rumbu ko tukunya. LAHIA ya fi dacewa da kunne, domin ya kama lafazin yankin, inda ake cewa lahiya a maimakon lafiya. Amma a duba jimlar da aka tsamo shi daga ciki: Livelihoods, Agriculture and Health Interventions in Action. An tsallake ƙananan kalmomi biyu, kuma kalmar ƙarshe ba ta ƙara wani bayani kan aikin ba, abin da ta bayar shi ne wasalin a da ake buƙata don kalmar ta rufe. Manomin da ya ji lahiya ya fahimci kalmar, amma jimlar da ke bayanta a rufe take gare shi. Ba abin mamaki ba ne da shirye-shiryen da suka biyo bayan waɗannan a 2018 suka ɗauki kalmomin Hausa zalla, Girma da Hamzari da Wadata, ba tare da wahalar harhaɗa haruffa ba.

To, idan haka ne, me zai hana a yi watsi da taƙaitawa gaba ɗaya? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma a wurare da yawa amsarta ita ce babu abin da zai hana. Sai dai kalma zalla tana da nata gibi. Wadata ba ta faɗi ko su wa ke da ita ba, ba ta faɗi me ake yi ba. Ƙungiyar da za ta yi rajista, ta buɗe asusu, ta sa hannu a yarjejeniya, tana buƙatar dogon suna mai bayyana membobinta da aikinta, sannan tana buƙatar gajere wanda za a kira a taro. Taƙaitaccen suna mai ma'ana shi ne igiyar da ke ɗaure biyun, yadda wanda ya riƙe gajeren zai iya warware dogon da kansa. Wannan riba ba ta samuwa sai idan dogon sunan da gajeren suna cikin harshe ɗaya. Yanzu da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ƙungiyoyi da yawa za su so raɗa suna da Hausa tun daga tushe, kuma a nan ne za su ci karo da matsalar da Faransanci bai taɓa nuna musu ba.

Matsalar ta wasali ce. Don haruffan farko su ba da abin da za a iya furtawa, dole a samu wasula a tsakanin baƙaƙe. Faransanci yana da rumbu cike da kalmomin ƙungiya masu farawa da wasali, irin waɗanda suka ba da A da U da O da I a sunaye kamar AREN da FUMA da OPVN da INRAN. Hausa ba haka take ba. A ƙa'idar tsarin sautinta babu gaɓar da ke farawa da wasali, kalmomin da ake rubutawa da wasali a farko ma hamza ce ke gabansu, rubutu ne kawai ba ya nuna ta. Su ma ba su da yawa, kuma galibinsu da a ko i suke farawa, kamar asusu da aiki da abinci da ilimi da iyali. Masu farawa da e ko o ƴan ƙalilan ne, yawanci na aro. Kalmomin da ke nufin taron jama'a kuwa, ƙungiya da tarayya da haɗaka da gamayya da zumunta da majalisa da gidauniya, duk da baƙi suke farawa. Sakamakon a fili yake. Tsarin adashin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 yana da suna mai daɗi, Mata Masu Dubara, amma da aka taƙaita shi da haruffa sai ya koma MMD, baƙaƙe uku a jere da ba a iya furtawa sai an harrafa su da Faransanci.

Abin da Hausa ta hana ta wannan hannu ta bayar da shi ta wancan. Gaɓoɓinta iri uku ne kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Kowace kalma da baƙi da wasali take farawa. Saboda haka duk wanda ya ɗebi baƙin farko da wasalin da ke biye da shi daga kalmomi biyu ko uku, ya jera su, abin da zai samu dole ya furtu, kuma dole ya yi kama da kalmar Hausa. Sau da yawa ma zai faɗa kan kalmar da take akwai, ko an so ko ba a so ba. Wahalar mai raɗin suna da Faransanci ita ce ya samo abin da zai furtu. Wahalar mai raɗi da Hausa ita ce ya kauce wa ma'anar da ba ta dace ba.

A ɗauki misali na gwaji, ba wata ƙungiya da take akwai ba. A ƙaddara manoman gero da dawa na ƙaramar hukumar karkara ta El Allassane Maïreyrey, ɗaya daga cikin takwas na gundumar Mayahi, sun haɗu don kafa asusun da za su riƙa ajiye hatsi da kaka, su ranta wa juna lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Sunan da zai fara zuwa bakin kowa shi ne Ƙungiyar Manoma. Gaɓoɓin farko sun ba da ƘUMA, wato ƙwaron da ke hana mutum barci. Idan magatakarda ya buga shi a na'urar da ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, ya koma KUMA, wadda ba ta nufin kome sai haɗa zance. Idan aka sauya aka ce Haɗakar Manoman Dawa, sai a samu HAMADA, kalma cikakkiya mai sauƙin furuci, amma babu manomin da zai so a kira asusun hatsinsa da sunan abin da yake tsoron ya cinye masa gona. Ɗalibai ma ba su tsira ba: Ƙungiyar Ɗalibai tana ba da ƘUƊA, wanda da zarar ƙugiyar ɗ ta faɗi ya zama ƙuda.

Waɗannan tuntuɓe suna nuna cewa an fara daga inda bai kamata ba. Ba a rubuta dogon suna sannan a duba abin da ya haifa. Ana fara zaɓen kalmar da ake so a ji, sannan a nemo mata iyaye. Matakin farko shi ne a tara kalmomi kamar goma masu gaɓa biyu ko uku da suka dace da aikin, irin su tanadi da rumbu da gayya da himma da amana da zuma. Mataki na biyu shi ne a tace su da ma'aunin gaɓa. Kalmomin da ke da gaɓa rufaffiya suna da wuyar cikawa: rumbu yana buƙatar kalma mai farawa da rum da wata mai farawa da bu, himma tana buƙatar him. Tanadi gaɓoɓinsa a buɗe suke, amma ta ƙarshe, di, ba ta da kalmomi da yawa da suka shafi noma. Gaɓoɓin da suka fi yalwa su ne ma, saboda ɗafa-goshin da ke gina sunayen masu sana'a kamar manoma da makiyaya da masunta da maƙera, sai ta da ga da ha da zu, waɗanda kalmomin tarayya ke bayarwa.

Da wannan tacewa kalmomi uku za su rage. Ta farko ZUMA, daga Zumuntar Manoma. Dogon sunan Hausa ce lafiyayya, babu kalmar da aka cusa, gajeren kuma yana da daɗin ji. Aibinsa ɗaya: baƙon da ya ga allon zai zaci masu kiwon zuma ne. Ta biyu TAƘAMA, daga Tarayyar Ƙananan Manoma. Ta fuskar ƙira babu kamarsa, gaɓa uku daga kalmomi uku, kowace tana faɗin gaskiya game da membobin. Amma taƙama kalma ce mai fuska biyu. Abin taƙama yabo ne, mai taƙama kuwa zargi ne, kuma abokan hamayya za su san wadda za su ɗauka. Ga shi kuma idan ƙugiya ta faɗi a takardar banki sai ya koma TAKAMA, a karanta shi ta kama, a soma tambayar wa ta kama. Ta uku AMANA, daga Asusun Manoma na Allassane Maïreyrey. A nan an gauraya hanyoyi biyu: A daga asusu, MA daga manoma, N daga na, A daga sunan wurin. An ɗan yi sassauci, domin an bar El na farkon sunan da kalmarsa ta ƙarshe a waje. Duk da haka ma'anar ta zauna daram, tunda asusun hatsi ba kome ba ne face amanar da mutane suka danƙa wa juna, kuma babu harafi ko ɗaya a ciki da na'ura za ta ɓata.

Kafin a tsayar da AMANA sai ya ƙetare jarrabawa huɗu, kuma kowane suna haka ya kamata a yi masa. Ta farko ta kunne ce. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa haruffa huɗu na gari suke ɗauke da garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, kuka yake ɗauke da itace da hawaye. Gaɓoɓin da aka yanko ba sa tahowa da karin iyayensu, mai karatu ne zai ɗora musu karin kalmar da ta fara faɗo masa a rai. Hanyar gwaji ita ce a rubuta sunan a ba mutane da dama da ba su san dogon ba, a saurari yadda za su karanta. Idan suka rabu gida biyu, sunan yana da matsala.

Jarrabawa ta biyu ta ido ce, kuma a Nijar ta fi tsanani, saboda mutum ɗaya yana karatu da ƙa'idoji biyu. Wanda ya koyi karatu da Faransanci yana karanta s tsakanin wasula biyu kamar z, shi ya sa aka ninka ta a Nassara da Tessaoua, alhali nasara da Tasawa ake faɗa. Harafin c a wurinsa k ne ko s, shi ya sa canji ya zama Tchanji a sunan jam'iyya. Sunan da ke ɗauke da c, ko s a tsakiya, ko ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, zai samu rubutu biyu, kuma ƙungiyar da sunanta ya bambanta tsakanin takardar rajista da ta asusu ta san abin da hakan ke jawowa a gaban akawu. Wannan ba dalili ba ne na guje wa baƙaƙen Hausa a dogon suna. A gajeren ne kawai ya kamata a tambaya: idan ƙugiya ta faɗi, me zai rage?

Ta uku ta nahawu ce. A gwada sunan cikin jimlolin da za a riƙa faɗa kullum: ƴan Amana sun yi taro, ya kai buhunsa Amana, hatsin Amana ya ƙare. A gwada shi kuma cikin jimlolin maƙiya, domin su ma za su yi amfani da shi. Duk wanda ya raɗa wa asusunsa Amana ya sani cewa ranar da ma'aji ya karkatar da buhu ɗaya, maganar da za ta zagaya gari a shirye take: an ci Amana. Sunan alkawari ne, kuma yana ƙara wa laifi nauyi. Wasu za su ga wannan a matsayin haɗari, amma ga asusun da ke riƙe da abincin mutane, linzami ne mai amfani.

Ta huɗu ta tarihi ce. Kalma mai kyau ba ta rasa masu ita. Amana ta taɓa zama wutsiyar jam'iyyar UDPS, kuma shaguna da motoci da makarantu masu wannan suna ba su ƙirguwa. Rusa jam'iyyu da aka yi a 2025 bai goge sunayensu daga zukatan mutane ba, don haka ƙungiyar manoma da ta kira kanta Tarayya ko Rahama ko Lumana za a yi mata kallon da ba ta nema ba. A yankin da jam'iyyar da ta riƙe kalmar ba ta yi ƙarfi ba, nauyin kaɗan ne. Inda ta yi ƙarfi, gara a koma ga ZUMA. Dattawan wurin ne za su yanke wannan, ƙamus ba zai iya ba.

Akwai iyaka guda da bai kamata a ƙetare ba ko da sunan ya ci dukan jarrabawar nan. Kada a ƙara wa dogon suna kalmar da ba ta faɗi gaskiya ba don kawai a samu gaɓa. Idan ƙungiya ba ta da makiyaya, kada a sa makiyaya saboda ana neman ma. Idan ba ta koyar da kowa, kada a sa ilimi saboda ana neman i. Dogon sunan shi ne ke shiga dokokin ƙungiya, shi ake karantawa ranar da aka yi saɓani kan wanda ya cancanci zama memba, kuma kalmar da aka cusa don ado a ranar raɗi ita ce za ta zama hujja a ranar rigima. Haka nan idan hukuma ta bukaci suna da Faransanci, a fassara dogon sunan yadda yake, a bar gajeren da Hausarsa. Ƙoƙarin tilasta wa harsuna biyu su haifi haruffa iri ɗaya yakan lalata jimlolin biyu. Idan kuwa an bi duk matakan nan ba a samu kalmar da ta dace ba, hanyar Sawki tana nan a buɗe: a ɗauki kalma zalla, a rubuta bayanin a ƙarƙashinta.

Wannan aiki ne da sashen kimiyyar harshe zai iya sauƙaƙa wa jama'a da ɗan ƙoƙari. Jerin kalmomin tarayya da na sana'o'i, an tsara su bisa gaɓar farko, tare da jerin haɗuwar da ya kamata a guje wa irin ƘUMA da HAMADA, ba zai wuce shafi biyu ba. Magatakardan ƙaramar hukuma a Mayahi ko Tasawa, wanda mutane ke zuwa wurinsa da takardun kafa ƙungiya, zai fi kowa amfana da shi, kuma ɗaliban da suka karanta tsarin sauti da ƙirar kalma suna da duk abin da ake buƙata don su rubuta shi.